Wasiƙar Tabbatar da Yarjejeniyar Shagon Ɗinki

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Alhaji Usman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne game da zaman da muka yi a ofishinka ranar Talata, 14 ga wannan wata, a gaban Malam Habibu da ƙaninka Sani, kan shagon ɗinkin da za mu buɗe tare. Mun daɗe muna magana, wasu batutuwan mun juya su sau biyu ko uku kafin mu tsaya a kan matsaya ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na fahimta tun yana sabo a kanmu. Ba rashin yarda ba ne, Alhaji, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma tunda akwai bashi a cikin maganar, aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta shi tare da kafa shaidu.

Mun amince kai za ka kawo kayan aiki: kekunan ɗinki 4, da keken surfani 1, da janareta. Dukkansu naka ne, kuma za su ci gaba da zama naka komai daɗewar haɗin gwiwar. Na kwafi lambar da ke jikin kowane ɗaya a takardar da na haɗo da wannan wasiƙa. Ina so a rubuta halin da na same su ranar da ni da Sani muka je dubawa: ɗaya daga cikin kekunan yana tsallake ɗinki, teburinsa kuma ya tsage ta gefen dama, janareta kuwa sai an ja shi sosai kafin ya tashi, yana kuma hayaƙi. Ka ce za ka sa a gyara waɗannan biyun da kuɗinka kafin ranar buɗewa. Sauran lafiyarsu ƙalau.

Ni kuma nawa shi ne aiki da kula da shago: karɓar ɗinki, yanka, sallamar masu kaya a kan lokaci, da sa ido a kan yaran shago.

Inda na fi so mu natsu shi ne rabon riba, domin a nan ne maganar ta sauya ana tsakiyar zama. Da farko ka kawo shawarar a raba biyu daidai. Sai Malam Habibu ya tambaya wa zai riƙa sallamar yara uku da za su yi aiki a ƙarƙashina. Bayan an tattauna, aka tsaya a kan cewa ni zan ɗauki kashi 60 cikin ɗari, kai ka ɗauki kashi 40, da sharaɗin sallamar yaran ta fito daga kasona, ba daga asusun shago ba. Wannan ita ce matsaya ta ƙarshe, kuma ita na ji ka ce ka amince da ita. Abin da muke kira riba shi ne abin da ya rage bayan an cire kuɗin zare da allura da sauran kayan ɗinki, da man janareta, da kuɗin wuta, da ƙananan gyare-gyare, da kuma kason biyan bashin haya na wannan watan. Ba a kan cinikin da ya shigo za a yi rabo ba. Za mu riƙa lissafi a makon farko na kowane wata, a kan watan da ya wuce.

Hayar shago ta shekarar farko ka riga ka biya, rasit ɗin yana hannunka. Mun yarda wannan kuɗi bashi ne a kan shagon, ba kyauta ba ne, ba kuma ƙari ne a kan jarinka ba. Za a mayar maka da shi daidai yadda yake a rasit, babu ƙarin ko kwabo, a raba shi gida 12, ana biyan ɗaya kowane wata. Idan wani wata ciniki bai kai ba, kason ya koma watan gaba. Daga shekara ta biyu shagon ne zai biya hayarsa da kansa.

Zan ajiye littafin lissafi guda ɗaya a shago, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a ranar da abin ya faru. Kai ko Sani kuna da damar buɗe shi duk lokacin da kuka zo, ba sai kun sanar ba. Babu wanda zai ɗauki kuɗi daga asusun shago, ni ko kai, sai an rubuta an sa hannu. Ɗinkin iyalinka da nawa ba za a karɓi ladan aiki a kai ba, amma kowa zai biya kuɗin kayan da aka sa, kuma zai bi layi kamar na kowa. Na roƙi wannan ne saboda lokacin da aiki ya yi yawa, alkawarin da muka ɗaukar wa mutane shi ne mutuncin shagon.

Game da asara, mun bambanta abu biyu. Idan keke ya lalace saboda tsufa, ko wani tsautsayi ya faru wanda babu sakacina a ciki, asarar kayan taka ce, ni kuma na yi asarar wahalata. Idan kuwa sakaci ne daga gare ni ko daga yarana, kamar a bar shago a buɗe ko a ɓata yadin mai kaya wajen yanka, ni zan biya daga kasona.

Yarjejeniyar za ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 2025, ta ƙare ranar 31 ga Janairu, 2027, sai idan mun sabunta ta a rubuce. A ƙarshen watan Yuli na bana za mu zauna mu duba yadda abubuwa ke tafiya. Wanda yake son fita kafin wa'adi zai sanar da ɗan'uwansa a rubuce wata 3 kafin nan, a kammala ɗinkin mutane, a yi lissafi, ka karɓi kayanka. Idan ta Allah ta kasance a kan ɗayanmu, za a rufe lissafi a ranar, a miƙa wa magada haƙƙinsu cikakke, su zaɓi ci gaba ko rabuwa. Idan saɓani ya taso, Malam Habibu da Sani za mu fara kai wa maganar kafin ta je ko'ina.

Abu biyu ne ba mu yanke ba, kuma ba na so a ɗauka an yanke su. Na farko sunan da za a rubuta a allon shago. Na biyu maganar ƙaro keken ɗinki na biyar: an ambata, amma ba a faɗi wanda zai saya ba, ko yadda hakan zai shafi rabo. Mun bar su sai zaman Yuli.

Ina roƙonka, Alhaji, ka karanta a tsanake. Duk inda ka ga na rubuta ba yadda ka fahimta ba, ko na tsallake wani abu, ka ja layi a wurin ka kira ni mu gyara. Ba zan ɗauki shirunka a matsayin amincewa ba, sa hannunka nake nema. Na aiko kwafi biyu ta hannun Sani, na sa hannu a kan dukkansu. Idan komai ya yi daidai, ka sa naka, shaidu biyun su sa nasu, ka riƙe ɗaya ka dawo mini da ɗaya zuwa ranar Alhamis, 23 ga Janairu, domin in samu in shirya shagon kafin ranar buɗewa.

Na gode da amanar da ka ba ni. Allah ya sa albarka a cikin abin, ya ba ni ikon riƙe ta. A gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam.

Naka,
Isa Tela