Amsar Misali: Ra'in Gina Ilimi ta Hanyar Cuɗanya a Matsayin Tushen Aikin Rukuni

Darasi: Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Fagen Koyarwa, ɗaliban NCE aji biyu, Argungu

Tambaya ta 3: Yi nazari tare da tsokaci a kan ra'in gina ilimi ta hanyar cuɗanya a matsayin hujjar raba ɗalibai rukuni-rukuni a aji. Kawo misalai daga makarantun jihar Kebbi. (Maki 25)

Amsa

Ra'in gina ilimi ta hanyar cuɗanya yana cewa yaro ba ya karɓar ilimi a dunƙule daga bakin malami. Yana gina fahimtarsa ne a cikin mu'amala da mutane, ta hanyar harshe da al'adun da ya tashi a cikinsu. Malamai da yawa sun riƙi wannan ra'i a matsayin hujjar raba aji rukuni-rukuni. Matsayina a wannan amsa shi ne, ra'in ya yi bayani mai gamsarwa a kan dalilin da ya sa tattaunawa take ƙara fahimta, amma bai isa ya zama hujjar kowane irin aikin rukuni ba. Bayani ne a kan yadda ake koyo, bai tsara wa malami yadda zai tafiyar da aji ba, kuma a tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne yawancin matsalolin suke.

Ana jingina ra'in ga Lev Vygotsky, masanin halayyar ɗan Adam na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda aka haifa a 1896 ya rasu a 1934. Ayyukansa ba su yaɗu sosai a ƙasashen Yamma ba sai bayan da aka tattara wasu daga cikinsu aka buga da Turanci a 1978. A ganinsa kowace ƙwarewa ta tunani tana bayyana sau biyu a rayuwar yaro: da farko tsakaninsa da wani, daga baya ta koma cikin ransa ta zama tasa. A nan ya sha bamban da Jean Piaget, wanda ya fi ba da ƙarfi ga yaron da ke gano abubuwa da kansa gwargwadon matakin girmansa. Sanannen tunanin Vygotsky shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan babba ko abokin da ya fi shi sani ya kama masa. A cikin wannan tazara koyarwa take da amfani. A 1976 Wood da Bruner da Ross suka ƙara bayani a kan irin taimakon da ya dace: tallafi ne na ɗan lokaci, ana rage shi sannu a hankali har yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Ƙarfin ra'in a fili yake. Ɗalibin da aka sa ya yi wa abokinsa bayani dole ne ya tsara tunaninsa, kuma a nan yake gano inda shi kansa bai gane ba. Wanda ake wa bayanin kuma yana iya cewa "ban gane ba, sake faɗa" sau uku ba tare da fargaba ba, abin da ba zai yi wa malami a gaban aji ba. Palincsar da Brown sun nuna a 1984 cewa yara masu raunin fahimtar karatu sun inganta da aka koya musu yin tambaya, taƙaitawa, warware abin da ya shige duhu da hasashen abin da zai biyo baya, suna karɓa-karɓar jagoranci a ƙaramin rukuni. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, domin a makarantar allo gardi ne yake biya wa ƙolo karatu kafin ya kai allonsa gaban malam.

Akwai kuma fa'idar da ta shafi Kebbi kai tsaye. Vygotsky ya bambanta sanin yau da kullum da sanin makaranta, ya ce kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa. A ɗauki darasin noman shinkafa a aji biyu na ƙaramar sakandare a Argungu. Ɗan manomin fadama ya san lokacin da ruwa yake hawa da lokacin dashe, ɗan masunci ya san halin gulbi, ɗan ma'aikaci kuma wataƙila ya fi su iya karanta littafin. Idan suka zauna tare a kan tambayar me ya sa shinkafa take yi a fadama fiye da tudu, kowa yana da abin kawowa, sai malami ya ɗora musu bayanin irin ƙasa da riƙon ruwa. Haka nan a Zuru ko Yawuri ko Kamba, inda yaro zai iya zuwa aji da Dakarci ko Kambarci ko Zabarmanci ko Fulatanci a bakinsa, rukuni yana ba shi damar ya fara fahimtar abu da harshen da yake tunani da shi kafin ya rubuta da Turanci.

Sai dai matsala ta farko tana cikin ra'in kansa. Vygotsky bai ce a tara yara a bar su ba. Ya yi maganar babba ko abokin da ya fi sani, kuma ya ɗauki koyarwar malami da muhimmanci ƙwarai, har ya ce koyarwa mai kyau ita ce wadda take shiga gaban ci gaban yaro tana jan sa. To idan yara shida suka zauna, babu ko ɗaya a cikinsu da ya san abin, wa zai ja wa? A ba su 1/2 + 1/3. Wanda ya fi ƙarfin murya ya ce a haɗa na sama a haɗa na ƙasa, amsa 2/5. Sauran suka amince, aka rubuta. An yi cuɗanya, an gina fahimta tare, amma kuskure aka gina, domin amsar ita ce 5/6. Binciken Jonathan Tudge a kan yaran da ke aiki bibbiyu ya nuna cewa yaro yana iya komawa baya a tunaninsa idan abokinsa ya fi shi nuna tabbaci alhali bai fi shi gaskiya ba. Wannan ne ya fi damuna a matsayina na mai shirin zama malami, saboda kuskuren da yaro ya ɗauka daga abokansa da yardar ransa yana da wuyar cirewa.

Wannan ya kai mu ga sukar Kirschner da Sweller da Clark ta 2006. Sun ce ƙwaƙwalwar da mutum yake aiki da ita nan take ba ta ɗaukar sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka mai fara koyo yana buƙatar jagora bayyananne da misalan da aka warware masa. Sukar tana da ƙarfi a kan sabon darasi, musamman a lissafi da kimiyya. Amma adalci shi ne a ce ta fi faɗawa kan masu barin yara su laluba da kansu da sunan ra'in, fiye da kan Vygotsky. Ko a aikin Palincsar da Brown, malami ne yake fara nuna yadda ake yi kafin ya miƙa wa yara.

Matsala ta biyu ita ce ra'in ya ɗauka kamar duk wanda ke cikin rukuni yana da murya daidai da ta kowa. Ba haka abin yake ba. Elizabeth Cohen ta nuna cewa yaran da ake ganin sun fi daraja a aji su suke mamaye magana, kuma mai yawan magana shi ya fi ƙaruwa. A ajinmu daraja tana zuwa ta fuskoki da dama: shekaru, iya Turanci, gidan da yaro ya fito, da kasancewa namiji ko mace. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici ba lallai ta musa wa namijin da ya girme ta ba ko da ta san ya yi kuskure. Wannan tarbiyya abin daraja ce, ban ce a rushe ta ba. Amma ra'in da ya ce al'ada ita ce take siffanta koyo, bai kamata masu amfani da shi su manta da al'adar wurin da suka kawo shi ba. Neil Mercer ya kasa maganar yara a rukuni gida uku: ta gardama, wadda kowa yake kafewa a kan nasa, ta amincewa da duk abin da aka faɗa, da ta bincike, inda ake neman dalili ana kawo hujja. Ta ukun ce take ƙara ilimi, kuma sai an koya wa yara ita. A wurinmu ta biyun ce za ta fi yawa, sai dai in malami ya nuna musu cewa tambayar "mene ne dalilinka?" ba raini ba ce.

Akwai kuma lalaci a cikin taro, wanda ra'in bai ce komai a kansa ba. Tun a 1913 Max Ringelmann ya wallafa cewa mutanen da ke jan igiya tare, kowannensu yana rage ƙarfin da zai sa da shi kaɗai ne, kuma Latané da abokan aikinsa sun sake tabbatar da irin haka a 1979. Kowane ɗalibi ya san aikin rukunin da mutum ɗaya ya rubuta, sauran suka sa suna. Maganin ya fito ne daga masu binciken koyon haɗin gwiwa irin su Johnson da Johnson da kuma Robert Slavin, waɗanda suka ce sai rukuni yana da manufa ɗaya kuma kowane mutum ana duba abin da ya iya shi kaɗai. Kamar gayya ce: gonar ɗaya ce, amma kowa da layin da yake nomewa, wanda ya yi sanyi kuwa ana ganinsa. Tsarin da Elliot Aronson ya fito da shi a Austin ta jihar Texas a 1971 yana bin wannan hanya, inda ake ba kowane yaro yanki ɗaya na darasi, ya ƙware a kai, ya dawo ya koya wa sauran. Lura da cewa waɗannan sharuɗɗa daga wani reshen ilimi aka aro su, wanda ke nuna ra'in shi kaɗai bai wadatar ba.

Game da yanayin aji ba sai an tsawaita ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta so malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma ajin da ya ninka haka ba abin mamaki ba ne. Malami ɗaya ba zai iya sauraron rukuni goma sha biyar a darasin minti 40 ba, ga benci masu nauyi, ga littafi ɗaya a hannun mutum biyar. Tallafin da ra'in yake nufi yana buƙatar malami ya san inda kowane yaro ya tsaya.

Duk da haka ba zan ce a jefar da aikin rukuni ba, domin babban aji ma shi ya fi buƙatar yara su taimaki juna. Da ni ne a wancan aji na Argungu, idan lissafi zan koyar, zan fara koyar da haɗa ɓangarorin lamba irin su 1/2 + 1/3 a allo da misalai, sannan in haɗa su bibbiyu ko hurhuɗu a bencin da suke zaune, ina haɗa mai ƙarfi da matsakaici, matsakaici da mai rauni, don kada tazarar ta yi faɗi har bayani ya koma ba da amsa. Inda na ga 'yan mata suna shiru, zan ware musu nasu rukunin. Ni zan zaɓi wanda zai tashi ya yi bayanin amsar rukuni, ba su ba. A minti biyar na ƙarshe kuma kowa ya rufe baki ya warware tambaya ɗaya a littafinsa, saboda ranar jarrabawar WAEC ko NECO shi kaɗai zai zauna da takardarsa.