Jadawalin mako na shagon Gwaggo

Gwaggo, tunda kun ce sau uku kawai za ku iya sa hoto a mako, ga yadda na tsara. Na bi ranakun Babbar Kasuwar Maraɗi, Litinin da Jumma'a, domin abin da aka sa a Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. In kun sa ran kasuwa da rana, mai saye ta riga ta kashe kuɗinta a wani shagon.

Asabar da hantsi ba a sa komai, ranar ɗaukar hotunan mako ce gaba ɗaya. A fito da kaya bakin ƙofa inda inuwa take, a shimfiɗa a kan farin zane. Fitilar cikin shago tana mai da shuɗi ya koma kamar baƙi, shi ya sa waccan matar ta unguwar Ali Ɗan Sofo ta maido turmi ta ce ba shi ta gani ba.

Lahadi bayan isha'i, sabon kaya. Hoto uku, kada ya wuce haka, kowane da kuɗinsa a ƙasa:

"Salamu alaikum. Sabuwar atamfa ta sauka, turmi jaka 12. Turmi biyu-biyu ne kowane launi. Gobe Litinin muna shago tun ƙarfe 8."

Na san ba ku son rubuta kuɗi saboda maƙwabta. Ai sun riga sun sani, Gwaggo. Rashin rubutawa ne ke sa ku kwana kuna amsa "nawa ne?" har caji ya ƙare.

Talata bayan la'asar ba ranar talla ba ce. Bidiyo gajere da muryarku, ba sai fuska ta fito ba, hannu ya isa. Wannan makon ku jiƙa ƙyallen atamfa a kwanon ruwa, ku matse, ku nuna ruwan: "Ga shi nan, ba ta zuba." Mako mai zuwa, yadi nawa ke isa riga da zane da kallabi. Duk tambayar da aka yi muku sau biyu a shago, a ajiye ta don Talata. Kada a sa hoton wadda ta saya sai ta yarda.

Alhamis bayan isha'i, abin da ya rage:

"Leshi ruwan zuma saura biyu. Shadda fara ta maza akwai. Masu anko ku yi magana da wuri. Gobe Jumma'a a same mu kafin a tafi masallaci. Wadda ke nesa, unguwar Zariya ko Burja, ɗan kabu-kabu ya kai mata, kuɗin kai wa nata ne."

In ƙarshen wata ya zo, kaya masu tsada su shiga ta Lahadi, lokacin ma'aikata sun ɗauki albashi.

Ranar da aka ɗauke wuta ko layi ya ƙi, a sa da asuba, kada a haɗa biyu rana ɗaya. Zan leƙo Asabar da farin zanen.