Maganar makin CA ɗinka, ka karanta yau don Allah

Assalamu alaikum Bashiru, ya zafi, ya mai jiki? Kaftin ɗin ajinku ne yag gaya min baba ba shi da lafiya, kai ne kat tafi Goronyo kana tsare mishi albasa. Allah shi ba shi lafiya, shi sa kaffara ne. Na kira lambarka sau 2 ranar Talata ba ta shiga, shi ya sa nic ce bari in turo imel ko Allah ya sa ka buɗe.

Jiya da dare nike haɗa makin CA na kwas ɗinmu na ilimin ƙasar noma, ina zuwa kan sunanka sai na ga fili fetal. Cikin maki 30 kana da 4 kacal, na asaimen ɗin farko. Tes ɗin da munka yi mai maki 15 ba ka zauna ba, rifot ɗin firaktikal mai maki 10 shi ma babu. To lissafa da kanka, da 4 ɗin nan sai ka ciyo 36 cikin 70 a jarrabawa kafin ka taɓa 40, kuma ko ka ciyo ɗin da ƙyar ka tsallake ke nan. Ga maganar atendans, lakca 12 munka yi ka zo 8, saura 4, in ka zo dukansu ka samu 12 cikin 16 wato kashi 75 cif, in ka sake rasa ko guda ɗaya ba a barinka shiga ɗakin jarrabawa, wannan kuma ba hannuna take ba.

Gaskiya abin ya ban haushi da farko, don kai ne ka tsai da ni ranar da muke maganar gishirin ƙasa kana ba mu labarin farin abin nan da ke fitowa bisa kunyar albasarku bayan ban ruwa, ajin duka anka yi tsit. Yaro irinka bai kamata shi kwashi keri-oba a kwas ɗin da ya fi kowa sani da hannu ba.

Ga abin da zan iya yi maka. Tes ɗin zan sake ba ku ranar Alhamis ta sama ƙarfe 10 na safe a ofishina, ku 3 ne, tambayoyi daban amma daga babi ɗaya har inda munka tsaya. Sai dai ka zo da takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannuna, layi biyar ma ya isa, ka faɗi dalilin rashin zuwanka, ka haɗa da fotokwafin katin asibitin baba. In babu wannan ban da bakin magana.

Firaktikal kuwa tunda kana gona, gonar taku za mu yi aiki da ita. Kafin ka taso ka ɗebo ƙasa wuri 5, kana tafiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, zurfin santimita 20, kar ka ɗiba bakin hanyar ruwa ko inda anka jibge taki. Ka cakuɗa su cikin bokiti mai tsabta ka ɗebi kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa bisa jarida, ban da rana don Allah, na san Goronyo yanzu awa guda ta soye ta. Ka zuba a leda ka rubuta wuri da kwanan wata. In ka iso za ka tankaɗe ta da rariyar milimita 2 a lab, ka auna pH, kashi 1 na ƙasa da kashi 2.5 na ruwa kamar yadda 'yan ajinku sunka yi, na riga na yi wa mai kula da lab ɗin magana. Rifot shafi 3 ya wadatar, da hannu ma na karɓa, ba sai ka kashe kuɗin taifin ba. Na ba ka har Litinin ɗin bayan tes, amma zan cire maki 2 na latti saboda sauran yara. Kuma kar ka kwafo na wani, ƙasarka daban ce, ina gani zan gane.

In kuɗin mota ne matsalar ko babu wanda za ka bar wa gonar, gaya min kai tsaye, ba abin kunya ba ne, sai mu san yadda za a yi. Abin da ban so shi ne shiru. Ka maido min amsa kafin Juma'a ko da ta WhatsApp ce, don ranar Laraba ta makon bayan tes nike miƙa makin CA, in ya bar teburina shi ke nan.

Ka gaishe min da baba da jiki.

Malaminka na ilimin ƙasar noma