Tsarin ƙara sanarwa a manhajar adashe

Masu zubi na mantawa da ranar biya, uwar adashe kuma tana ƙarar da katinta wajen kiran mutane ɗaya bayan ɗaya.

Muna ba da shawarar amfani da Firebase Cloud Messaging, hanyar Google ta tura sanarwa zuwa wayoyi, tunda manhajar ta Android ce. Wayar za ta aiko da lambar shaidarta, mu ajiye a teburin `device_tokens`. Kullum ƙarfe 8 na safe, sabar za ta zaƙulo masu biya gobe ta tura musu tuni.

Daga Android 13 sai an nemi izinin nuna sanarwa, wato `POST_NOTIFICATIONS`. Kada mu nema da buɗe manhaja, a bari sai mutum ya shiga rukuni, lokacin ya san amfaninsa. Kada adadin kuɗi ya fito a sanarwar, domin ana aron waya. Wanda bai buɗe ba cikin awa 24, a bi shi da saƙon tes.