Wasiƙa ga ƙanena Habibu bayan aikin basir

Assalamu alaikum Habibu. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Hadiza ta gaya min an sallamo ka ranar Alhamis, kuma har ka fara maganar komawa Dawanau mako mai zuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta maka a tsanake, don a waya ba ka bari mutum ya kai aya. Ka karanta, ka ba ta ita ma ta karanta, tunda tukunyar a hannunta take.

Abin da likita ya yanke maka kumburin ne kawai. Jijiyoyin jinin da ke bakin dubura suna nan, kowa da su aka haife shi, kuma suna taimakawa wajen rufe ƙofar. Abin da ya kumbura su har suka zazzago shi ne yunƙuri, wato ka riƙe numfashi ka tura ƙarfi ƙasa. Kana yin haka a bayan gida, kana yi idan ka ciccibi buhu, kana yi duk lokacin da tari ya turnuƙe ka. A ɗakinmu na tiyata ina ganin mutanen da aka yi wa aiki mai kyau suka dawo bayan shekara biyu ko uku da irin ciwon da suka zo da shi, kuma da ka zauna da su za ka tarar ba abin da suka canza. Ba na so in gan ka cikinsu.

Bari in fara da bayan gida, don a nan aka fi yin ɓarnar. Na san yanzu tsoronsa kake ji saboda zafin ciwon. Kada tsoro ya sa ka riƙe. Duk kashin da ya daɗe a hanji, hanjin zuƙe ruwansa yake yi, gobe ya fito da tauri ya yage wurin da ke ƙoƙarin haɗewa. Da ka ji ya matso ka, tashi ka je, ko da mai saye na tsaye a gabanka. Mafi yawan mutane cikinsu kan motsa bayan karin kumallo, saboda haka ka ba wa wannan lokacin haƙƙinsa kafin ka fita.

In ka shiga, minti uku zuwa biyar ya isa. Idan bai zo ba, ka yi tsarki ka fito, ka ɗan zaga tsakar gida, ka sha ruwa, zai sake kiranka. Wayar nan kuma ka bar ta a ɗaki. Na san halinka, kana tsugune kana sauraron saƙon 'yan kasuwa kan farashin masara, minti ashirin ta wuce ba ka sani ba, duk jinin ya taru a ƙasa. Masan tsuguno na gidanku ba shi da laifi, tsugunon ma yana miƙar da hanya kashi ya fita ba wahala, daɗewar ce matsala. Idan a na zama ka samu kanka, ka ɗora ƙafafunka a kan 'yar kujera gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo, ka ɗan sunkuya gaba, bakinka a ɗan buɗe kana fitar da iska a hankali. Muddin numfashi na fita, ba za ka iya yin yunƙurin da ke cutarwa ba.

Tsarki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a hankali, ba dirza ba sabulu. Ka samu tsumma mai laushi mai tsabta ka ɗan danna wurin ya bushe. Zaman ruwan ɗumi da aka ce ka yi, ka ci gaba da shi: baho mai tsabta, ruwan da gwiwar hannunka za ta iya jurewa, minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana da kuma bayan ka zaga. Ruwa zalla. Kada wani ya sa ka zuba kanwa ko alif ko maganin wanke ƙasa, ƙona sabon naman da ke tsirowa suke yi.

Maganin laushin ciki da suka ba ka, laktulos, ka sha yadda aka rubuta, kada ka daina don ka ga kwana biyu lafiya. Idan ya kai ka ga zawo, ka rage ka sanar da su, don zawo ma yana tayar da basir kamar yadda taurin ciki ke yi. A kan wannan ne nake roƙonka ka rabu da jarkokin da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa. Yawancinsu wankin ciki ne mai ƙarfi, mutum ya yini yana zarya ya ce ciwo ne ke fita, alhali wurin ne ke ƙara kumbura. Haka tiramadol da duk wani magani mai kodin, suna ɗaure ciki sosai. Idan zafi ya dame ka, farasitamol da ruwan ɗumi tukuna, in bai yi ba ka koma wurin likitanka. Kada ka je kyamis a haɗa maka.

Sai abinci. Ana so babba ya samu kamar giram 25 zuwa 30 na harza a rana, wato ɓangaren tsiron da ciki ba ya narkarwa, shi ke riƙe ruwa ya sa kashi ya yi laushi. Kai kuwa safiyarka shayi da burodi, rana farar shinkafa da mai da yaji, dare taliyar leda da ƙwai a wurin mai shayi. Duk cikinsu harzar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin a shagonka yake jibge. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba ka wajen giram 11, ka ga an ci fiye da kashi ɗaya cikin uku. Hadiza, don Allah a riƙa sa wake cikin shinkafar, a yi faten wake da alayyafo, a yi kwaɗon zogale ko na rama da rana. Tuwon dawa ko na gero, kada a surfe shi ya yi fari fat, dusar da ake zubar wa awaki ita cikinsa ke nema. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, taushe da kabewa, duk suna da kyau. Kunu ma idan an tace shi sosai an raba shi da amfaninsa ta wannan fannin, gara fura ko kunun da aka bar masa ɗan tsakinsa. Gwanda, lemu da totuwarsa, goba, dabino, aya, dankalin Hausa da ɓawonsa, wanda ya samu a ci.

A ƙara a hankali dai, cikin mako biyu. Idan aka ɗura maka wake da zogale rana ɗaya, kumburin ciki da iska za su sa ka ce ba ka so. Kuma harza ba ruwa ƙara ɗaure ciki take yi. Yanzu hunturu ne, ƙishi ba ya damun mutum, sai a wuni ba a sha ba alhali iskar tana busar da jiki. Ka sha aƙalla lita biyu, ledar fiya wata huɗu ke nan zuwa biyar, ka ƙara idan bazara ta shigo. Ka duba fitsarinka, in ya yi ja-ja ruwan bai isa ba. Idan azumi ya zo, ka rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma sahur ɗin ya zama da wake ko ganye. Yaji ba shi ke kawo basir ba, amma zai yi maka raɗaɗi a kan ciwon, ka sassauta har ya warke. Nama ka ci, kada dai tsire da balangu su zama su ne abincin dare.

Maganar komawa kasuwa. Zuwa ka zauna ka kula da ciniki bayan mako biyu, in jiki ya yarda, ban hana ba. Ɗaukar buhu kuwa babu shi har sai likitan da ya yi aikin ya duba ya ce wurin ya haɗe, kuma irin aikin da aka yi maka kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas. A cikin makonnin farko ko jarkar ruwa mai lita 25 kada ka ɗaga, kada ka tura mota, kada ka kama wa kowa lodi don kara. Na san za ka ce kuɗin 'yan dako, amma ka lissafa abin da aikin nan ya ci maka.

Bayan ka warke ma, buhu mai kilo 100 ba na mutum ɗaya ba ne. Ku kama ku biyu, ko a sa a baro. In za ka ɗaga abu, ka matso kusa da shi, ka lanƙwasa gwiwa bayanka a miƙe, ka ja numfashi kafin ka taɓa shi, sannan ka riƙa fitar da iskar yayin da kake miƙewa. Duk kayan da ba za su ɗagu ba sai ka datse numfashi jijiyar wuya ta fito, sun fi ƙarfinka. Zaman benci na yini guda ma ba ya taimakawa. Bayan kowace awa ka miƙe ka taka, kuma ka samu tafiyar ƙafa ta kamar rabin awa kullum, tana motsa hanji. Doguwar tafiya a babur ka jinkirta ta tukuna.

Tarin nan naka ya fi komai tsaya min a rai. Hadiza ta ce ya kai mako uku, tun kafin a kwantar da kai. Kowane tari bugu ne a kan wurin da aka yi aikin. Wataƙila ƙurar hunturu ce da ƙaiƙayin da kuke shaƙa wurin sheƙa da awo, to ka sa takunkumi a shago, ka tsaya ta inda iska ba ta kaɗo maka, ka riƙa kurɓar ruwan ɗumi da zuma. Sigari kuma, ka san na sani, wannan ne lokacin ajiye ta, don bayan tarin tana jinkirta warkewar ciwo. Amma tarin da ya wuce mako biyu ba a barinsa a kan zato. Ka ba da majina a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da shi, maganin ma kyauta. Ka kuma nuna wa likita maganin hawan jinin da kake sha, don irin su lisinofiril suna sa wasu mutane busasshen tari, ana iya canza maka wani. Kada ka daina sha da kanka. Kafin nan, idan tari ko atishawa ta taso, ka zauna ko ka dafa wani abu, ka ɗan matse dubura kamar mai riƙe iska, kuma kada ka bari ya same ka a tsugune a masai.

Ɗan jini a jikin auduga ko bayan ka zaga ba abin tsoro ba ne a makonnin farko. Wani lokaci yakan ɗan ƙaru tsakanin kwana bakwai zuwa sha huɗu, lokacin da ɓawon ciwon ke saki. Amma idan jini na zuba bai tsaya ba, ko yana fita guda-guda, ko jiri na ɗibarka, a kai ka asibiti ko tsakar dare ne. Haka idan zazzaɓi ya rufe ka, ko fitsari ya ƙi fita, ko ruwa mai wari na fitowa, ko zafin na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ka kwana uku ba ka zaga ba. Can gaba kuma, bayan ka warke sarai, in ka sake ganin jini, ko kashi ya koma siriri, ko ka ga kana ramewa, kada ka ce ai basir ɗina ne ya motsa. Akwai cututtukan hanji da ke fara nuna kansu da haka, sai an duba ake bambancewa.

Ranar Talata ta sama ce ranar komawarka asibiti. Ka je ko kana jin garau, ka tafi da duk magungunanka a leda, ka yi musu maganar tarin da bakinka. Ina da hutu ranar Asabar, in Allah ya yarda zan shigo Kano. Ka gaishe min da Inna da yaran.

Yayanka,
Musa