Takardar Duba Tsaftar Hannu Kafin Taɓa Majinyaci

Wuri: ɗakin kwanciyar mata, asibitin unguwa, Asawase, Kumasi.
Lokaci: zagayen safe, Litinin da Alhamis, minti 20 kowane zama.

Mai dubawa ya tsaya inda yake ganin gado da wurin wanke hannu. Kada ya bi ma'aikata fiye da 3 a lokaci guda. Ba a rubuta suna, sai rukuni: likita, nas, ungozoma ko ɗalibi.

Duk sanda ma'aikaci ya nufi majinyaciya zai taɓa ta, ko gaisawa ce, ko awon jini, ko gyara mata kwanciya, dama ɗaya ke nan. A kowace dama a sa alama ɗaya:

G: ya goge hannu da sanitaiza, daƙiƙa 20 zuwa 30.
W: ya wanke da ruwa da sabulu, daƙiƙa 40 zuwa 60.
B: bai yi ba.

Safar hannu ce ke rikita masu dubawa. Wanda ya sa ta bai tsaftace hannu ba, B ne. Haka wanda ya wanke, sannan ya ɗaga waya ko fayil a teburin nas kafin ya isa gadon. Abin da ba a gani da ido ba, kamar bayan labule, ba a ƙirga shi.

Lissafi: a haɗa G da W, a raba da yawan damar, a ninka da 100. Misali, 13 cikin 20 kashi 65 ne.

In bokitin Veronica, wato bokiti mai famfo na wanke hannu, ba ruwa, ko sanitaiza ta ƙare, a rubuta a gefe, a sanar da shugabar ɗakin kafin a tashi.