Wasiƙa Zuwa ga Ɗiyata Hauwa'u

Argungu, Jihar Kebbi
11 ga Fabrairu, 2024

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, takardar da kika ba Goggonki Rabi ranar ziyara ta iso hannuna. Ta kuma shaida mini cewa kin rame, kuma duk zaman da kuka yi kina jan hijabi kina rufe rabin fuska, saboda wasu 'yan ajinku sun laƙaba miki suna "gindin tukunya", suna yi wa baƙinki da ƙurajen goshinki dariya.

Ba zan ce miki maganar ba ta da zafi ba, domin wulaƙanci a gaban tsara yana da ciwo, balle ga yarinya 'yar shekara 15. Amma da sun san Hausa, da sun tuna cewa baƙar tukunya ita ke fitar da farin tuwo. Launin nan da suke yi wa dariya na kakarki ne, har wushiryar ma tata ce kika ɗauko, ita kuwa a zamanin 'yammatancinta ba a ƙirga kyawawan unguwarmu a tsallake ta. Kin haddace Suratut Tin, kin san aya ta 4 ta ce Allah Ya halicci mutum a mafi kyawun tsari. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat kuwa ta kira mata musamman, ta hana su yi wa juna izgili, don haka laifin yana wuyan masu yi.

Game da dubu biyar da kika roƙa domin sayen man bilicin, ba zan aiko ba, kuma ina so ki san dalili. Waɗannan mayuka suna cinye ƙarfin fata har ta zama ba ta jure rana, kumatu su ƙone, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, wasu ma suna ɗauke da sinadarin da ke lalata ƙoda. Kin sha ganin masu irin wannan fuska a gidajen biki, kuma yawancinsu da-na-sani suke yi. Kada ki karɓa ko da ƙawa ce ta ba ki kyauta. Ƙurajen kuwa na balaga ne, za su wuce. Ki daina matsa su da farce, ki riƙa wanke fuska safe da dare, idan kin dawo hutu mu je wurin likita.

Idan tsokanar ta ci gaba, ki sanar da malamar da ke kula da ɗakin kwananku, wannan ba gulma ba ce. Babanki ma zai zo ranar Asabar ya ga shugabar makaranta, zai taho miki da ƙuli-ƙuli da sabulun salo da man kaɗe. Ki ci abinci, don Allah.

Ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Inna